Yadda ake gina katangar da ba za ta karkace ba

Ana yawan tambaya, ga matakan:

1. A haƙa rami har a tarar da ƙasa mai tauri, faɗinsa ninki uku na kaurin bulo.
2. A kafa rodin kowane ginshiƙi, tazarar mita 3.
3. A zuba kankaren tushe, kauri santimita 15.
4. A yi kwana bakwai ana ba shi ruwa.
5. A jera bulo mai inci tara, ana duba tsayuwarsa da igiyar magina.
6. Duk bayan mita 6, a bar tsaga mai faɗin yatsa tsakanin tagwayen ginshiƙai. Hattara, kada birkila ya cike ta da siminti, nan katanga ke numfashi lokacin zafi.
7. A bar ƙananan kafofi a ƙasa, don ruwan damina ya wuce.
8. A ɗaure saman da kankare mai rodi, ban da kan tsagar.