Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen sauya tsarin kasafin kuɗi

Kowace shekara sai sabon ma'aikaci ya kawo mini daftari yana murna wai ya rabu da kasafin layi-layi. In na buɗe sai in tarar tsohon kasafi ne aka sa wa sabuwar riga. Na gaji da yin bayani baki da baki, shi ya sa na rubuta.

Bambancin ba wuya. Kasafin layi-layi yana nuna abin da za a saya: albashi, man mota, takardu, gyaran gini. Kasafi bisa shirye-shirye yana tara kuɗin a ƙarƙashin manufa, misali rigakafin yara. Kasafi bisa sakamako kuma yana ƙara tambayar me kuɗin ya haifar. Tambayoyi uku ne daban, kuma ta uku ba ta amsuwa sai ta biyu ta zauna daidai.

Kuskuren da ya fi cin raina shi ne barin albashi a wajen shiri, domin ni ma ya taɓa kunyata ni. A wata ma'aikata na tsara shirin rigakafi, na sa masa miliyan 40 na allurai, firiji da sufuri. Albashin masu yin allurar, miliyan 60, na bar shi cikin wani katafaren shiri mai suna gudanarwa, domin a dunƙule takardar albashi ta zo mini kuma raba ta aiki ne. Yara 100,000 aka yi wa rigakafi, na raba, na rubuta cewa kowane yaro 400 ya ci. Da aka ce a ƙara yara 50,000 sai na nemi miliyan 20, aka ba ni ba musu. Gaskiyar lissafi kuwa kowane yaro 1,000 ne, ƙarin yana bukatar kusan miliyan 50. Allurai suka iso, babu isassun hannun da za su yi su, wasu har wa'adinsu ya ƙare a firiji. Ni na tsaya gaban kwamiti ina kame-kame.

Tun daga ranar, abin da nake fara dubawa shi ne girman shirin gudanarwa. In ya haɗiye fiye da rabin kasafi, ba na karanta sauran shafukan. Ina raba albashi gwargwadon lokacin da ma'aikaci ke bai wa kowane aiki: mai jinyar da ke rigakafi kwana biyu cikin biyar, kashi 40 na albashinta na shirin ne. Wasu abokan aiki na cewa wannan kintace ne. Na yarda, amma sifilin da suke rubutawa ya fi shi nisa da gaskiya.

Akwai kuma masu zubar da layukan gaba ɗaya don a ce sun waye. To da me akanta zai biya, da me odita zai bi sawu? Layuka suna zama a cikin shiri, abin da ke sauyawa shi ne inda majalisa ke ɗaure hannun mai kashewa. Dubi Faransa, wadda dokarta ta 2001 ta fara aiki sosai a kasafin 2006: shugaban shiri na iya juya kuɗi tsakanin layuka, har ya ɗebo daga albashi ya kai wani wuri, amma ba ya iya ɗebo daga wani wuri ya ƙara albashi. In kuwa har yanzu sai an nemi izinin baitulmali kafin a mai da kuɗin takardu na mai, sunan kawai aka sauya.

Ma'auni ma ana ɓarna a kansa. Yawan tarurrukan da aka yi ba sakamako ba ne. Yawan yaran da aka yi wa allura aiki ne da aka fitar, raguwar masu kamuwa da ƙyanda shi ne sakamako, kuma shi ba a hannun shiri kaɗai yake ba. Ni ma'auni uku nake yarda da su ga kowane shiri, kuma sai an nuna mini wanda zai ƙirga da littafin da zai ƙirga daga ciki. Amurka ta shimfiɗa tsarin shirye-shirye a ma'aikatun tarayya a 1965, takardu suka yi wa mutane yawa, zuwa 1971 aka ajiye shi.

Kada a ba shiri ɗaya shugabanni biyu, kada kuma a riƙa sauya sunayen shirye-shirye duk shekara, don kwatanta bana da bara zai gagara.

Sannan ku daina yanke kuɗin shiri kai tsaye don ya gaza cimma adadi. Ku fara duba ko an saki kuɗin ma a kan lokaci. Nawa shirin da na ba ku labari, da an bi wannan hukunci, da rage masa aka yi a shekarar da ya fi bukatar ƙarin ma'aikata.