Darasi na 7: Kofi Uku Sun Gaya Maka Ciwon Tiyonka

Wani mai lambu a bakin kogin Binuwai, kusa da Garwa, yana ba tumatirinsa ruwa da tiyon ɗigo. Duronsa na kan dakali mai tsayin mita 1, tiyon kuma mita 30 ne. Tumatirin da ke kusa da duro ya yi kore shar, na ƙarshen kunya kuwa yana yaushi tun da hantsi. Ya ce tiyo ne ya lalace, zai sayo sabo. Maƙwabcinsa ya ce, “Malam, dakata. Kawo kofin shayi uku.”

Suka ajiye kofi ɗaya a ƙarƙashin hudar farko, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙarshe. Suka buɗe ruwa minti 10. Na farko ya cika, na tsakiya ya kusa cika, na ƙarshe rabi kawai.

Idan ruwa yana raguwa a hankali haka daga farko zuwa ƙarshe, ƙarfinsa ne ya kasa. A lambun duro, tsayin duro shi ne ƙarfin ruwa. Tiyo da yawa na kasuwa don injin ban ruwa aka yi su, suna son ƙarfin da ya kai na tanki mai tsayin mita 10. Hudar da ke ba da lita 2 a awa da inji, a duron mita 1 ba ta wuce wajen kashi ɗaya cikin uku na wannan ba. Ga shi kuma ƙarshen kunyar mutumin nan ya ɗan hau tudu. Sai suka ɗaga duron zuwa mita 2, suka raba tiyon biyu, mita 15 kowanne. Kofunan suka kusa daidaita.

Da a ce duka ukun ne suka sami ruwa kaɗan, matatar ruwa za ka fara dubawa. Rufe famfo, kwance ta, ka wanke ragar da tsohon buroshin haƙori. Ruwan kogi da na tafki suna ɗauke da laka da yashi, don haka bar shi ya kwanta kafin ka buɗe. Rufe bakin duro kuma, domin rana ce ke haifar da gansakuka. Wasu kan cire matatar gaba ɗaya don ruwa ya yi gudu. Kuskure ne, dattin duka cikin hudoji zai tafi.

In kuwa wannan huda tana ɗigo, ta kusa da ita ta bushe, toshewa ce. Kwance ƙarshen tiyo, ka bar ruwa ya fita har ya yi garau, sannan ka ɗaure. Kada ka tsokane huda da allura ko ƙaya, za ta yi faɗi ta shanye rabon sauran.

Aikin gida: ka auna layi ɗaya na lambunka da kofi uku, ka rubuta abin da kowanne ya samu.