Darasi na 7: Neman Yardar Iyaye Kafin a Ɗauki Bidiyon Ɗaliban Islamiyya

Mutum yana da tasha a YouTube, ya ji karatun yara a wata makarantar Islamiyya ya burge shi, sai ya nufi shugaban makarantar ya nemi izinin ɗaukar bidiyo, shi kuwa ya ce masa bismilla. Mutane da yawa suna ɗauka magana ta ƙare a nan, alhali rabinta ne kawai aka yi. Izinin shugaban makaranta izini ne na shiga harabar da kafa kyamara a cikin aji. Fuskar yaro da muryarsa da sunansa kuwa ba mallakar makaranta ba ne, domin amanar koyarwa iyaye suka damƙa mata, ba su ba ta ikon nuna 'ya'yansu ga duniya ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta shekarar 1989 ta ɗauki wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, kuma sashe na 16 nata ya kare sirrin rayuwarsa. Saboda haka kowane ɗalibi sai an nemi yardar uba, ko uwa, ko waliyyin da yake riƙe da shi.

Abin da takardar za ta ƙunsa

A rubuta takarda guda mai shafi ɗaya, da harshen da iyayen suke ji, a ba kowane gida tasa aƙalla mako guda kafin ranar ɗauka. A sama a rubuta sunan mai ɗaukar bidiyon da sunan tasharsa da lambar wayarsa, sannan a faɗi rana da aji da abin da za a ɗauka, misali hadda ko musabaƙa. Sai jimlar da masu tasha suka fi gujewa, wadda kuma ita ce zuciyar takardar: "Za a saka bidiyon a intanet, kowa a ko'ina yana iya kallonsa, kuma wani yana iya sauke shi ya yaɗa ba da saninmu ba." Idan tashar tana samun kuɗin talla, ko za a yi amfani da bidiyon wajen neman gudummawa, a faɗa ɓaro-ɓaro, domin uban da ya yarda a nuna ɗansa yana tilawa ba lalle ne ya yarda a nuna shi a matsayin mabuƙaci ba.

A ƙasa a ba mai sa hannu zaɓi uku: na yarda a nuna fuska da murya, na yarda da murya kawai, ko ban yarda ba. A kuma rubuta cewa ƙin yarda ba zai shafi karatun yaron da komai ba. Takarda ɗaya ta bidiyo ɗaya ce, ba ta shekara duka ba.

Idan mai kula da yaron bai iya karatu ba, kada a miƙa masa takarda a nuna masa wurin dangwale. A karanta masa ita daga farko har ƙarshe a gaban shaida wanda ba abokin aikin mai bidiyon ba ne, a nuna masa tashar a waya ya ga inda abin zai fito, sannan a roƙe shi ya maimaita abin da ya fahimta da bakinsa. Idan ya ce, "Ai na ajiyar makaranta ne ko?" to bai fahimta ba, sai a sake bayani.

Misali daga aji mai ɗalibai 30

A ce an raba takardu 30. Bayan mako guda 21 sun dawo da cikakkiyar yarda, 2 murya kawai, 3 sun ƙi, 4 kuwa ba su dawo ba. Yara nawa ne za su fito da fuskarsu? Amsar ita ce 21, ba 25 ba. Takardar da ba ta dawo ba ana lissafa ta cikin waɗanda suka ƙi, domin wataƙila tana nan a jakar yaron ba wanda ya gan ta, wataƙila kuma iyayen kunyar malam ce ta hana su cewa a'a. Ana iya kiran waɗannan gidaje huɗu sau ɗaya a tuna musu, amma kada malamin aji ya yi ta bibiya, domin yardar da aka bayar don jin nauyi ba yarda ba ce ta gaskiya.

A duba sa hannun ma. Idan rubutun ya yi kama da na yaro, ko takardu biyu na gidaje dabam suka zo da hannu iri ɗaya, a kira waya a tabbatar. Idan kuma uwa ta sa hannu, daga baya uba ya aiko cewa bai amince ba, a cire yaron kawai. Mai bidiyo ba alƙalin gidan wani ba ne.

Ranar ɗauka sai a zo da jerin sunayen, a zaunar da yara 21 inda kyamara take kallo. Biyun nan masu murya kawai su zauna kusa da makirfo amma a wajen hoton. Sauran bakwai ya fi kyau su ci gaba da darasinsu a wani ɗaki tare da malami, ba tare da an kira sunayensu a gaban jama'a an ce iyayensu sun hana ba, don kada su zama abin tsokana. Kafin a kunna kyamara a tambayi yaran su ma. Yarinyar da ta ja mayafi ta rufe fuska, ko yaron da ya koma bayan abokinsa, ya riga ya ba da amsa, ko da takardar gidansu ta ce an yarda.

Inda ake yawan tuntuɓe

Kuskure yakan fito ne daga gefen hoto da kuma sauti. Yaron wani aji ya leƙo ta taga, ko malam ya kira ɗaliba da sunanta da na mahaifinta, ko rajistar aji tana buɗe a kan tebur, ko allon sanarwa yana nuna lokacin tashi. Idan suna da fuska da sunan makaranta da lokacin tashi suka haɗu a bidiyo ɗaya, baƙo yana iya sanin inda zai sami yaron da sa'ar da zai same shi. Don haka a kalli bidiyon sau biyu kafin a saka shi: sau ɗaya ana duba kowace fuska da jerin sunaye a hannu, sau ɗaya ana sauraro kawai ba a kallo. Abin da bai dace ba a yanke shi. A YouTube Studio akwai `Blur` a cikin `Editor` don dusashe fuska, sai dai ba ya ɓoye murya, kuma wanda ya san yaron yana iya gane shi ta tufafinsa.

Idan ana so iyaye su fara gani, a sani cewa `Unlisted` ba sirri ba ne, domin duk wanda aka tura wa adireshin bidiyon zai iya kallo ya kuma tura wa wani. `Private` shi ne yake taƙaita kallo ga waɗanda aka gayyata.

Uba yana iya dawowa bayan wata biyu ya ce a cire ɗansa. A mayar da bidiyon `Private` a ranar, a yanke ko a dusashe wurin, sannan a gaya masa gaskiya cewa kwafin da wasu suka riga suka sauke ba ya hannun kowa. A rubuta ranar janyewar a jikin takardarsa, a ci gaba da ajiye takardun muddin bidiyon yana kan tashar.

Aikin yi: Aji yana da ɗalibai 18, takardu 12 sun dawo da cikakkiyar yarda, 1 murya kawai, 5 ba su dawo ba. Rubuta yawan yaran da za su zauna gaban kyamara, sannan ka rubuta jimla biyu da za ka faɗa wa uwar da ba ta iya karatu ba game da inda bidiyon zai fito.