Layin farko a Instagram: inda teloli ke yin asarar kwastoma

Na ga teloli da yawa, ɗinki ya fita tsaf, hoto ya yi kyau, amma rubutun da ke ƙasan hoton shi ke kashe kasuwar. Abin da mutane ba su lura ba shi ne Instagram ba ya nuna rubutunka gaba ɗaya, wajen haruffa 125 kawai yake bari a gani, daga nan sai ya yanke ya sa "more", kuma mai zazzaga waya ba kowa ne zai tsaya ya danna ba.

To kai kuma ka cinye wurin da gaisuwa. "Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki barkanmu da warhaka da fatan kowa lafiya, muna farin cikin sanar da ku..." shi ke nan an yanke ka, ba ka ma ambaci kaya ba. Sallama ba laifi ba ce, amma yi ta a taƙaice ka wuce.

Wanda ya fi damuna shi ne "sabbin kaya sun iso". Wane kaya? Hoton ai ya riga ya nuna kaftani ne, don haka aikin layin farko shi ne ya faɗi abin da ido ba zai gane ba: wace irin shadda ce, aikin hannu ne ko na keke, nawa ne, yaushe za a karɓa.

Ɗauki misali, ka ɗinka kaftani kala 6 na ƙaramar Sallah. Maimakon waccan doguwar gaisuwa ka rubuta: "Kaftanin Sallah, shadda da aikin hannu a wuya, dubu 45. Ranar 15 ga azumi zan rufe karɓar ɗinki." Ka ga bai cika haruffa 125 ba, kuma ya taɓo inda ke yi wa mutane ƙaiƙayi, don kowa ya san tsoron da ake yi tela ya ce "gobe ka dawo" har daren Sallah. Sai dai fa ranar da ka sa ta zama gaskiya, in ka rufe ka rufe, in ba haka ba baɗi ba wanda zai yarda da kai.

Ɓoye kuɗi ma kuskure ne. Za ka gane ya cuce ka in ka duba ƙasan hoton ka ga "nawa?" "nawa?" sun jeru, kai kana ta cewa a zo DM, rabinsu ba za su zo ba. In kuɗin ya danganta da yadi, ka ce "daga dubu 45".

Hashtag da emoji kuwa tura su can ƙarshe. Sannan kafin ka saki, karanta layin da ƙarfi kamar kwastoma na tsaye a bakin shago, in ba haka za ka yi masa magana ba, goge ka sake.