Darasi na 9: Hannun jari da rabon riba a ƙungiyar gama kai

Wannan darasi jawabi ne da ake yi wa membobi kafin babban taron shekara. Mai koyarwa ya karanta a hankali, kowa ya ɗauko allonsa ko littafinsa, domin za a yi lissafi tare.

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa. Injin casar shinkafar nan da ke bayan kasuwa na wa ne? Ba na shugaba ba ne, ba kuma na ma'aji ba ne don makulli yana hannunsa. Namu ne mu 40 ɗin nan. Mun yanka hannun jari ɗaya a kan naira 5,000. Wani ya sayi 2, wani 5, wani 10, aka haɗa hannun jari 200, wato naira 1,000,000. Wannan ita ce uwar kuɗi, kuma da ita aka sayi inji aka kafa rumfa. Mai hannun jari 2 ba zai zo ya kwance bel ya ce rabonsa ne ba. Yana da haƙƙi a cikin injin gaba ɗaya, daidai jarinsa. A wajen zaɓe kuwa ba a duba jari, kowane memba ƙuri'a ɗaya gare shi.

To, ga lissafin bana. Kuɗin casa da ya shigo akwati naira 900,000 ne. Kada kowa ya yi murna tukuna, wannan ba riba ba ce. An sayi gas da baƙin mai, an canja rariyar inji, an biya mai tuƙa inji da mai gadi, duka naira 500,000. A cire 500,000 daga 900,000, saura 400,000. Ita ce riba. Bashin casa da ba a biya ba tun kaka ba ya cikin abin da za a raba, sai ranar da ya shigo hannun ma'aji.

Dokar ƙungiyarmu ta ce a ware kashi ɗaya cikin huɗu a asusun ko-ta-kwana. Kashi ɗaya cikin huɗu na 400,000 shi ne 100,000. Ranar da inji ya buga a tsakiyar kaka, daga nan za a gyara shi ba tare da an bi ku gida-gida ana karo-karo ba. Abin rabawa ya zama 300,000.

Nan ne ake tuntuɓe, don haka a natsu. Ba a raba 300,000 da yawan mutane. Ana raba ta da yawan hannun jari. Mu 40 ne, amma hannun jarinmu 200 ne. Rubuta 300,000. Raba ta gida 200. Idan sifili ya yi maka yawa, goge biyu daga kowane ɓangare, ya zama 3,000 a raba gida 2. Amsa 1,500. Kowane hannun jari ya haifi naira 1,500.

Yanzu duba katinka. Hannun jari nawa aka rubuta maka? Mai 2 ya ninka 1,500 sau 2, ya sami 3,000. Mai 10 ya ninka sau 10, ya sami 15,000. Idan hannunka bai saba ba, rubuta 1,500 a jere sau adadin jarinka ka tara. Babu kunya a ciki, amsar ɗaya ce.

A sake. Da me ake rabawa? Da 200, ba da 40 ba. Wanda ya raba 300,000 ya sami 7,500 a allonsa, da kawunan mutane ya raba. Goge ka sake da 200. Haba jama'a, duk shekara sai an sami mai hannun jari 2 yana cewa an cinye masa 4,500, har a daina gaisawa da ma'aji, alhali katinsa yana aljihu bai buɗe ba! Kafin ka zargi mutum, ka raba da 200, sannan ka ninka da abin da ke katinka.

Yadda za a gane lissafi ya tafi daidai: magatakarda ya tara rabon mutum 40 ɗin a gaban taro. Idan bai ba da 300,000 cif ba, kada a fara biya.

Darasi na 10: Shekarar da babu riba

Rabon riba ba kuɗin ruwa ba ne, domin ba a yanka shi tun farko, yana hawa yana sauka. Idan abin da aka kashe ya kai abin da ya shigo, babu rabo a wannan shekara. Kada a taɓa uwar kuɗi don a faranta wa mutane rai.

Darasi na 11: Aikin gida

Abin rabawa naira 240,000, hannun jari 200. Nawa mai hannun jari 3 zai karɓa? A zo da amsa da kati ranar Laraba.