Darasi na Bakwai: Gyara Takardar Koke Zuwa ga Mai Gidan Haya

Wani ɗan haya ya rubuta wannan da tsakar dare, ruwa na ɗiga cikin bokitin da ya tara kusa da katifarsa:

"Kai ba ka san komai ba sai kuɗi. Ka gyara rufin nan, ko ka ga abin da zai biyo baya."

Yana da gaskiya, kuma duk wanda ya taɓa kwana a ɗaki mai yoyo ya san zafin da ke ransa. Amma a duba takardar da kyau. Ba ta faɗi wane ɗaki ba ne, ba ta faɗi yaushe yoyon ya fara ba, ba ta kuma sa ranar gyara ba. Mai gida zai riƙe zagin, ya bar zancen rufi. Jimlar ƙarshe kuwa barazana ce, kuma idan magana ta kai gaban hukuma, mai gida zai kafa hujja da ita.

Ga ta bayan gyara:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Rufin ɗakin kwanana yana yoyo tun 3 ga Yuli. Na sanar da kai ta waya ranar 5 ga wata, amma har yau ba a turo mai gyara ba. Silin ya fara ruɓewa, katifata ta jiƙe. Ina roƙon a gyara kafin 20 ga Yuli. Idan hakan ba zai yiwu ba, a sanar da ni a rubuce ranar da za a zo. Na haɗa da hotuna biyu. Na gode."

Ladabin yana cikin gaisuwa da "ina roƙon". Ƙarfinta kuwa daga ranakun nan uku ya fito. A lura kuma da "ba a turo ba" maimakon "ka ƙi turowa": laifin ya fito fili ba tare da an nuna wa mutum yatsa ba.

Idan mai gida ko wakilinsa ba ya karanta Hausa, sai a yi kwafi na biyu da harshen da yake ji, Turanci ko Faransanci. Kada a juya ta kalma da kalma. "Ranka ya daɗe" ba ya shiga wasiƙar Turanci; gajeruwar gaisuwa da sunansa sun isa, sai layi ɗaya da ke faɗin batun. Ranaku da buƙata ne ba a taɓawa. A rubuta sunan wata cikakke, domin 3/7 wani zai karanta 3 ga Yuli, wani 7 ga Maris.

Kafin a aika, a sa wani daban ya karanta kwafin, ya mayar da shi Hausa da baki. Idan "kafin 20 ga Yuli" ya koma "nan ba da jimawa ba", mai fassara ya sassauta maganar, a sake. A sa hannu a kan duka biyun, a ajiye kwafi.

Aikin yi: Gyara wannan, ka sa ranaku biyu da buƙata ɗaya: "Famfon nan ya ishe ni, kai kuma ko a jikinka."