Kafin ka kai ƙarar gwamnati kotun waje: kurakuran da ke kashe ƙara tun daga bakin ƙofa

Wani dattijo ya taɓa samuna a ofis a Gusau da jakar leda cike da takardu. Ya ce, "Barista, na gaji da kotunan nan. Ka kai mini maganar ɗana Kotun Afirka." Na ce, "Baba, wace daga ciki?" Sai ya yi shiru, don bai san akwai fiye da ɗaya ba. Daga nan kuskure ke farawa, kuma ba talakawa kaɗai ke yin sa ba, har da lauyoyi.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wani matashi ne mai sayar da hatsi a kasuwar Talata Mafara, jami'an tsaro suka kama shi bisa zargin yana kai wa 'yan bindiga abinci, aka tsare shi wata takwas ba a gabatar da shi gaban alƙali ba. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. To an tauye haƙƙinsa, wannan ba abin musu ba ne. Abin tambaya shi ne ina za a kai kukan, kuma da wane shiri.

Wurare uku ne mutane ke haɗawa su kira su da suna ɗaya. Akwai Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha a Tanzaniya. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar kafa ta, amma ba ta miƙa sanarwar da sashe na 34(6) ya tanada ba, wadda ita ce ke ba ɗaiɗaikun mutane da ƙungiyoyi damar kai ƙarar ƙasa kai tsaye. Saboda haka duk kyan hujjar mahaifin yaron nan, Arusha ba za ta karɓe shi ba. Lauya Femi Falana ya yi ƙoƙarin ƙalubalantar wannan sharaɗi ta hanyar ƙarar Tarayyar Afirka kanta, kotun ta ce a 2012 ba ta da hurumi. Akwai Hukumar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Banjul a Gambiya, wadda ke karɓar koke daga kowa, amma sai ka cika sharuɗɗa bakwai na sashe na 56 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam ta 1981, kuma mafi kayar da mutane shi ne na biyar: ka bi kotunan ƙasarka har ƙarshe tukuna. Sai kuma Kotun ECOWAS da ke nan Abuja, wadda tun gyaran da aka yi wa yarjejeniyarta a 2005 take sauraron ƙarar tauye haƙƙi daga mutum ɗaya, kuma ba ta neman sai ka gama da kotunan gida.

Wannan bambanci na ƙarshe shi ne abin da nake so ya zauna a zuciyar mai karatu. A shari'ar Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana shekara 12 a yankin Birnin Ƙonni, gwamnatin Nijar ta ce ai maganar na gaban kotunanta, bai kamata a saurare ta ba. Kotun ECOWAS ta ƙi wannan hujja, ta yanke hukunci a Oktoba 2008 cewa Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta kuma ba ta diyyar sefa miliyan 10. Don haka lauyan da ya ce wa mahaifin yaronmu ya jira sai Kotun Ƙoli ta yi magana kafin ya nufi Kotun ECOWAS, ya ɓata masa shekaru a banza. Wanda kuma ya ji labarin Hadijatu ya ɗauka Banjul ma haka take, takardarsa za ta dawo masa ba a ko duba gaskiyar abin da ya faru ba.

Yanzu a ce iyalin sun zaɓi Banjul. Jakar dattijon nan da na faɗa, mafi yawan abin da ke ciki wasiƙu ne: ga wadda aka kai fadar sarki, ga ta ɗan majalisa, ga ta hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, ga ta gwamna. A ganinsa babu ƙofar da bai ƙwanƙwasa ba, kuma na fahimci gajiyarsa sarai. Sai dai abin da Banjul ke ƙirgawa shi ne kotu, wurin da ke da ikon tilasta a saki mutum ko a biya shi. A ƙarar Alfred Cudjoe da Gana, mutumin ya kai kukansa hukumar kare haƙƙi ta ƙasarsa har ta ba shi gaskiya, amma Banjul ta ce wannan bai wadatar ba tunda bai je kotu ba. Wannan ƙa'ida tana da fuska mai amfani ga mai ƙara ma: ba a tilasta maka roƙon afuwar gwamna kafin ka fita waje, domin afuwa ganin dama ce, ba hukuncin shari'a ba. Hukumar Banjul ta faɗi haka a ƙararrakin da aka kai kan kotunan fashi da makami na zamanin soja a Nijeriya.

Gyaran yana da sauƙin faɗa. A shigar da ƙarar neman haƙƙi a Babbar Kotun Jiha ko ta Tarayya a Gusau, ƙarƙashin sashe na 46 na tsarin mulki da ƙa'idojin 2009 na tabbatar da haƙƙin ɗan Adam. Idan an kori ƙarar, a ɗaukaka zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, kuma wa'adin ɗaukaka hukuncin ƙarshe a ƙarar madaniyya wata uku ne. Daga nan Kotun Ƙoli. Wanda ya faɗi a Babbar Kotu ya yi fushi ya ƙi ɗaukakawa, ko ya yi sake wa'adi ya wuce bai nemi ƙarin lokaci ba, za a ce shi ya bar hanyar, ba hanyar ce ta toshe ba.

Akwai wani abu da lauyoyi ke mantawa a nan. Abin da za ka kai Banjul ya zama shi ne ainihin abin da ka kai gaban alƙalin gida. Idan a Gusau maganar tsarewa kaɗai ka yi, sai a Banjul ka ɓullo da cewa an azabtar da yaron, gwamnati za ta ce ba a taɓa ba kotunanta damar duba wannan zargi ba, kuma hujjarta na da ƙarfi. Tun ranar farko a saka komai a takardar rantsuwa, tare da rahoton likita, a kuma ambaci sassan Yarjejeniyar Afirka da aka keta. Nijeriya ta mayar da yarjejeniyar dokar gida, don haka alƙalin Gusau na da ikon aiki da ita.

To idan kotunan gida ba su da amfani fa? Sharaɗin ba makaho ba ne. A ƙarar Dawda Jawara, tsohon shugaban Gambiya da sojoji suka kifar a 1994, Hukumar ta ce a 2000 hanyar da za a tilasta wa mutum bi sai ta kasance yana iya isa gare ta ba tare da cikas ba, tana da yiwuwar nasara, kuma tana iya share masa hawaye. Jawara ba zai iya komawa ƙasarsa ba tare da tsoron ransa ba, sai aka ɗauke masa sharaɗin. Haka kuma sashe na 56 da kansa ya yafe wa wanda shari'arsa ta yi jinkirin da ya wuce hankali.

Amma a nan ne na fi ganin ana faɗuwa. Mai ƙara sai ya rubuta cewa kowa ya san kotunan ƙasar nan ba sa adalci, ya tsaya nan. Banjul ba ta karɓar zato. A ƙarar da aka kai a madadin 'yan ƙabilar Anuwak ta Habasha, ta ce shakku kan amfanin kotu bai isa ya ɗauke wa mutum gwadawa ba. Abin da ke aiki shi ne lissafi. Idan ƙarar yaron nan ta shekara uku a Babbar Kotu, a rubuto ranar da aka shigar, da kowace ranar zama, da dalilin kowace ɗagewa, da wanda ya nema. A ce an ɗage sau goma sha huɗu, goma sha ɗaya saboda lauyan gwamnati bai zo ba ko ba a kawo wanda ake tsarewa ba, wannan hujja ce. Idan rabin ɗagewar lauyanka ne ya nema, kada ka yi tsammanin za a ɗora laifin a kan gwamnati. Idan kuma alƙali ya ba da umurnin a sake shi aka ƙi, a nemo kwafin umurnin mai hatimin kotu da shaidar an isar wa hukumar da ke tsare da shi. Kwafin nan a karɓe shi tun shari'ar na da zafi, don neman tsohon fayil a rajistar kotu wahala ce.

Bayan hukuncin ƙarshe kuma kada a kwanta. Yarjejeniyar ba ta yanke adadin kwanaki ba, cewa ta yi lokacin da hankali zai ɗauka. A ƙarar Michael Majuru da Zimbabuwe, jinkirin wata 22 ya sa aka kori koken a 2008, Hukumar ta kuma nuna wata shida shi ne ma'aunin da aka saba. Wanda ya makara don yana tsare ko yana jinya, ya faɗi dalilin ya haɗa da takarda.

Wasu kurakurai biyu kuma gajeru ne amma suna kashe ƙara a Banjul. Zagi: an taɓa korar koken wata ƙungiya ta Kamaru saboda kalaman cin mutuncin gwamnati. Ka faɗi abin da aka yi, da rana da wuri, ka bar sifanta mutane. Sai dogaro da labarin jarida ko rediyo kaɗai, ba tare da rantsuwar wanda ya gani da idonsa ba.

Idan iyalin Kotun ECOWAS suka zaɓa, wadda ita nake ba da shawara a irin wannan tsarewar saboda kusa take kuma hukuncinta wajibi ne a doka, can ma akwai ramuka. Wanda ake ƙara ita ce Tarayyar Nijeriya, ko da jami'in jiha ne ya yi ɓarnar; wanda ya rubuta sunan gwamnatin jiha ko na wani jami'i kaɗai ya gina ƙararsa a kan rairayi. Kotun kuma ta sha nanata cewa ita ba kotun ɗaukaka ƙara ba ce. Kada ka roƙe ta ta soke hukuncin alƙalin Gusau don ya yi kuskure. Ka nuna mata haƙƙin da ƙasa ta keta, kamar tsarewa ba shari'a ko hana ka ganin lauya. Sharuɗɗanta rubutattu biyu ne: ka bayyana sunanka, kuma kada maganar ta kasance gaban wata kotun ƙasa da ƙasa. Ƙarar da ke tafiya a Gusau ba ta hana ka, amma ka sanar da kotun cewa tana nan, da lambarta da matakin da ta kai, kafin lauyan gwamnati ya riga ka faɗa.